Tumbuɗin jariri: yadda muke bin sawunsa kafin mu ce wa uwa babu komai

A ɗakin duba yara ƙanana, ƙorafin da ya fi yawan zuwa gabanmu a watannin farko na haihuwa shi ne na uwa da za ta ce, "Sista, duk abin da ya sha sai ya dawo da shi." Yawancin waɗannan jarirai lafiyarsu ƙalau, tumbuɗi kawai suke yi. Amma ba ma faɗin haka da ka, sai mun bi wasu matakai ɗaya bayan ɗaya, domin a cikin jarirai masu yawa da ke tumbuɗi na al'ada akwai 'yan kaɗan da abin nasu amai ne na ciwo, kuma wasunsu ba sa jiran gobe. Abin da muke dogara da shi wurin rarrabewa shi ne jaririn kansa: nauyinsa, fitsarinsa, walwalarsa, launin abin da ya fito da kuma yadda ya fito. Yawan jiƙewar riga ba ya gaya mana komai sosai.

Tambayar farko ita ce yadda abin ke fitowa. Tumbuɗi yana zuwa ne ba da yunƙuri ba. Nonon ya gangaro ta gefen baki, sau da yawa tare da gyatsa, wani lokaci har ta hanci, jariri kuma ya ci gaba da wasansa ko barcinsa kamar ba abin da ya faru. Amai yana da yunƙuri: cikin ya ɗaure, jiki ya miƙe, fuska ta sauya, jaririn ya fito daga ciki a galabaice ko yana kuka. Idan uwa ta kasa bambancewa, muna roƙonta ta shayar da shi a gabanmu, mu zauna mu gani da idonmu. Wannan zaman na minti goma sha biyar ko ashirin ya fi gwaje-gwaje da yawa amfani.

Dalilin tumbuɗi yana cikin halittar jariri. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe, wadda ke buɗewa abinci ya wuce sannan ta rufe. Wannan tsoka takan saki na ɗan lokaci ko da ba a haɗiye komai ba, musamman idan tumbi ya cika, domin ta nan ne iskar da aka haɗiya take fita a matsayin gyatsa. Babba ma hakan na faruwa gare shi, sai dai shi abincinsa mai kauri ne, yana zaune ko a tsaye, hanyar abincinsa kuma doguwa ce, don haka abin da ya taso ba ya kaiwa baki. Jariri kuwa komai ya haɗu masa. Abincinsa ruwa ne zalla, yana kwance yawancin yini, hanyar abincinsa gajera ce, tumbinsa ƙarami ne. A ranar haihuwa tumbin ba ya ɗaukar fiye da mililita 5 zuwa 7 a lokaci guda, a ƙarshen makon farko ya kai kamar 45 zuwa 60, a wata ɗaya kuma tsakanin 80 da 150. Ga shi kuma yana shan abin da, idan aka auna da girman jikinsa, yana da yawa ƙwarai: kusan mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a kwana ɗaya. Da mutum mai kilo 70 zai sha daidai wannan lissafi, da sai ya shanye sama da lita 10 a yini, kuma a kwance. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin wani abu ya dawo ba.

Saboda haka tumbuɗi yana da lokacinsa da aka sani, kuma muna gwada labarin uwa da wannan lokaci. Yakan fara kafin jariri ya cika mako 8. Yana ƙaruwa har ya kai ƙololuwa a wajen wata 4, lokacin da jariri ke shan nono da yawa, yana juye-juye, yana danna cikinsa, amma bai fara zama ba. Daga wata 6 zuwa 7, da ya fara zama ya kuma fara cin abinci mai kauri, abin sai ya soma ja baya. Aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna yin tumbuɗi, kuma cikin masu yi, kusan 9 cikin 10 sun daina kafin su shekara. Wasu suna yi sau ɗaya ko biyu a rana, wasu ƙalilan har sau shida ko fiye, kuma yawan kaɗai ba ciwo ba ne. Bakwaini ya fi saurin yi. Abin da ke sa mu tsaya mu sake tunani shi ne labarin da bai dace da wannan tsari ba, kamar yaron da bai taɓa tumbuɗi ba sai bayan ya wuce wata 6 abin ya fara, ko wanda ya shekara amma yana ci gaba. A nan ba ma kiransa tumbuɗi sai mun nemi wani dalili, har da ciwon hanyar fitsari, wanda a jarirai yakan zo da amai ba tare da wata alama bayyananniya ba.

Daga nan sai sikeli. A tuɓe jariri, a cire masa famfas, a auna, a kwatanta da awon baya a katinsa. Jariri kan rage nauyi a kwanakin farko, abin da bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba, ya kuma dawo da nauyin haihuwarsa a wajen mako 2. Bayan haka, a watanni ukun farko, muna sa ran ƙarin kamar giram 150 zuwa 200 a mako. Awo ɗaya ba ya isa, layin da awo biyu ko uku suka zana shi ne abin dubawa. Muna auna zagayen kai ma, mu taɓa maɗiga, mu lalubi ciki mu ji ko ya kumbura ko yana da taushi. Sai mu tambayi fitsari: jaririn da ke jiƙa famfas sau shida ko fiye a kwana ɗaya, da fitsari mai haske, yana samun isasshen ruwa. Idan nauyi na hawa, fitsari na zuwa, jariri na kama nono da marmari yana kuma yin barci, to abin da ke zama a cikinsa ya fi abin da ke fita nesa ba kusa ba, komai yawan wankin da uwa ke yi.

A wannan gaɓa muna yin wani ɗan gwaji da ke kwantar da hankalin iyaye fiye da dogon bayani. Mu ɗebo babban cokali ɗaya na ruwa ko madara, wato mililita 15, mu zuba a kan tsumma. Tabon da zai yi ya kai tafin hannu ko ya wuce. Sai mu tambayi uwa ko tumbuɗin ɗanta ya kai haka. Yawanci amsar ita ce cokali ɗaya ne ko biyu. Jaririn da ya sha mililita 100 ya dawo da 15 ko 30 bai dawo da duka ba, ruwa ne ke yaɗuwa a kan yadi ya yaudari ido. Haka nan idan tumbuɗin ya fito da gudaji-gudaji da ɗan tsami, ba lalacewa nonon ya yi ba. Ya ɗan jima a tumbi ne ya gamu da asid ya daskare, kuma matakin farko na narkewar abinci ke nan.

Ga yadda lissafin ke tafiya a kan misali guda. A ɗauki yarinya 'yar mako 10 da ake ba madarar jarirai a fida, tana tumbuɗi bayan kusan kowane sha. An haife ta da kilo 3.2, a mako 6 ta kai 4.3, yau kuma 5.2. Wato ta ƙara giram 900 a mako 4, kimanin 225 a mako, har ta ɗan zarce abin da ake sa rai. Ba zazzaɓi, cikinta lafiya, abin da ke fitowa fari ne, tana murmushi. Sai mu tambayi uwar nawa take haɗawa kuma sau nawa. Ta ce mililita 150, sau 7 a kwana ɗaya, kuma tana lallaɓa ta har sai fidar ta ƙare. Jimilla 1,050 ke nan. Idan aka raba da kilo 5.2, ya kama kusan 200 a kan kowane kilo, alhali abin da take buƙata bai wuce 150 sau 5.2 ba, wato 780. Tumbin yana karɓar abin da ya fi ƙarfinsa, rarar kuma dole ta nemi hanya. Matsalar takan ciyar da kanta: yarinya ta yi tumbuɗi, uwa ta ɗauka cikinta ya zama wayam, ta sake haɗa wata madarar, tumbi ya sake cika, tumbuɗi ya ƙaru.

Gyaran a nan ba magani ba ne. Muna raba 780 ɗin gida 8, ya zama kamar mililita 100 a kowane sha, tazarar awa uku-uku. Muna cewa uwar, "Maman yarinya, idan ta juyar da kai ko ta saki bakin fida, ta ƙoshi ke nan, kada ki matsa mata ta ƙarasa." Sannan mu duba fidar kanta. A kifa ta: madara ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya, idan tana zuba kamar famfo to hudar ta yi faɗi, yarinya za ta riƙa kwankwaɗa da sauri tana haɗiyar iska. Idan kuma hudar ta yi ƙanƙanta, za ta yi ta tsotso da wahala, nan ma iska ce. A riƙe yarinyar a ɗan kishingiɗe, kanta sama da cikinta, a karkata fidar yadda madara za ta cika bakin robar, a tsaya a tsakiyar sha a sa ta gyatsa. Muna kuma tambayar yadda ake haɗa madarar: ruwa ake fara aunawa, sannan gari da cokalin da ya zo a cikin gwangwanin, a shafe kansa, daidai adadin da aka rubuta. Ƙara gari don madarar ta yi kauri ta zauna a ciki kuskure ne mai haɗari, yana ɗora wa ƙodar jariri nauyi ya kuma busar da shi. Bayan mako 2 a dawo a sake awo. Abin da muke so mu gani shi ne tumbuɗi ya ragu, nauyi na ci gaba da hawa. Ba ma yi wa uwa alkawarin zai tsaya cak, domin ba zai tsaya ba sai lokacinsa ya yi.

Wannan rage yawa na jaririn da nauyinsa ke hawa ne kuma lissafi ya nuna ana wuce kima. Jaririn da nauyinsa ya tsaya ba a rage masa komai, a binciki dalili ne.

Mai shan nonon uwa ba a yi masa lissafin mililita, kuma tumbuɗi ba dalili ba ne na cire shi daga nono ko komawa madarar gwangwani. Nonon uwa ma ya fi saurin barin tumbi. Abin da muke kallo shi ne kamun nono: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa a waje, haɓa na taɓa nono, ba kan nonon kaɗai yake tsotsa ba. Idan ana jin ƙarar tsotso kamar taɓa harshe, iska na shiga. Wasu iyaye mata nononsu na zubowa da ƙarfi a farkon shayarwa, sai ka ga jariri na sarƙewa, yana tari, yana sakin nono yana komawa. A nan uwa ta jingina baya ta ɗora shi a kan ƙirjinta, ko ta cire shi na ɗan lokaci ta bar zubowar farko ta sauka a tsumma, sannan ta mayar da shi. Ta bar shi ya gama da ɓangare ɗaya kafin ta ba shi ɗayan, idan ma yana so. Ba a ba jaririn da bai kai wata 6 ba ruwa don a wanke masa ciki ko a kwantar da tumbuɗi. Ruwan zai cika tumbin ne kawai ya hana nono wuri.

Bayan sha, a riƙe jariri a tsaye a kafaɗa na minti 20 zuwa 30, ba jijjiga, ba wasan ɗagawa sama. A sassauta famfas da duk abin da ya ɗaure ciki, a canza masa kafin sha idan zai yiwu, domin ɗaga ƙafafunsa sama da cikakken ciki na turo nono waje. Zaunar da shi a kujerar mota ta jarirai ko a jingine shi da matashi ba ya taimakawa, yakan lanƙwashe ne cikin ya matsu, abin ya ƙaru. Hayaƙin taba a ɗaki ma yana ƙara shi.

Batun kwanciyar barci kuwa ba ma sassautawa a kansa. Tsoron iyaye shi ne jariri ya yi tumbuɗi yana rigingine ya shaƙe, sai su kwantar da shi rub da ciki ko a gefe, ko su sa masa filo. Jariri mai lafiya yana haɗiye abin da ya taso ko ya yi tari ya fitar, kuma idan yana rigingine hanyar numfashi tana sama da hanyar abinci, don haka abin da ya dawo ya fi sauƙin komawa inda ya fito. Kwanciya rub da ciki da ta gefe suna ƙara haɗarin mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci, wannan kuwa ya fi tumbuɗi muni ba a ma haɗawa. Don haka ko mai yawan tumbuɗi, a kwantar da shi a bayansa, a shimfiɗa mai tauri kuma a miƙe, ba filo, ba a ɗaga gefen katifa, domin yana iya zamewa ya lanƙwashe wuya.

Akwai abubuwan da idan muka ji ɗaya daga cikinsu, maganar tumbuɗi ta ƙare. Na farko shi ne launin kore. Amai kore, ko rawaya mai ratsin kore, yana nufin ruwan matsarmama ya dawo baya, kuma a jariri muna ɗaukarsa toshewar hanji ne har sai an tabbatar da akasin haka. Hanji na iya murɗewa jini ya daina isa gare shi cikin sa'o'i kaɗan, alhali jaririn a farko yana kama da mai lafiya. Wannan asibiti ne nan take, ko da tsakar dare, ko da sau ɗaya ya yi.

Na biyu shi ne aman da ke feshi da ƙarfi ya yi nisa, a jariri tsakanin mako 2 da mako 8, yana ƙaruwa kullum har ya zama bayan kowane sha. Abin da ke bambanta shi shi ne jaririn na gama amai sai ya nemi nono da yunwa, fitsari da kashi su ragu, nauyi ya tsaya ko ya sauka. Aman fari ne, babu kore a ciki. Dalilinsa tsokar da ke mafitar tumbi ce ta yi kauri ta toshe hanya, kuma ya fi samun yara maza, kusan ninki huɗu. Ana ganinsa da hoton sikanin na ciki, a fara ƙara wa jariri ruwa a gyara gishirin jininsa, sannan a yi ƙaramar tiyata da ke warkar da shi gaba ɗaya. Feshi sau ɗaya a jariri mai walwala ba shi ne wannan ba, maimaituwa da ƙaruwa ne alamar, kuma a ranar ake zuwa asibiti.

Jini a cikin abin da ya fito, ja ko baƙi-baƙi, yana buƙatar a duba a ranar, ko da yake a mai shan nono mukan fara duba kan nonon uwa, domin idan ya tsage jariri na haɗiyar jininta ya dawo da shi. Sauran alamun ba sa buƙatar dogon bayani: zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jaririn da bai cika wata 3 ba, ciki ya kumbura, jini a kashi, maɗiga ta kumbura ko ta lotsa, kai na girma da sauri, jariri ya yi laushi ba ya farkawa shan nono, ko ya riƙa ɗauke numfashi leɓensa na canza launi.

Tsakanin tumbuɗi na al'ada da waɗannan na gaggawa akwai wani rukuni da ke buƙatar haƙuri. Shi ne jaririn da tumbuɗin ke damunsa da gaske: yana ƙin nono, yana banƙarewa da kuka a tsakiyar sha, nauyinsa na tafiyar hawainiya, ko yana yawan tari da ciwon ƙirji. A nan ne kawai abin ya zama cuta. Kuka shi kaɗai ba hujja ba ne, domin kukan jarirai na kaiwa ƙololuwa a wajen mako 6, daidai lokacin da tumbuɗi ke ƙaruwa, sai a ɗora wa ɗaya laifin ɗayan. Ga irin wannan jariri muna fara gyara shayarwa kamar yadda aka bayyana. Idan bai wadatar ba, mai shan fida ana iya gwada masa madarar da aka yi ta da kauri tun daga masana'anta, a bisa shawarar likita, da sanin cewa tana rage abin da ake gani a waje kuma tana iya sa taurin kashi. Muna kuma tambayar ƙuraje masu ƙaiƙayi a fata, gudawa mai majina ko jini, domin jikin wasu jarirai ba ya karɓar furotin ɗin madarar shanu, kuma alamunsa na kama da tumbuɗi mai tsanani. Gwajinsa shi ne a cire madarar shanu na mako 2 zuwa 4, daga abincin uwa mai shayarwa ko ta sauya wa jariri madara ta musamman, sannan a mayar da ita a ga ko alamun sun dawo. Idan ba a mayar an gani ba, ba a tabbatar da komai ba, sai uwa ta yi watanni tana hana kanta abinci a banza.

Magungunan rage asid na ciki, irin su omefirazol, ba ma ba jaririn da tumbuɗi kawai yake yi yana girma lafiya. Suna rage tsamin abin da ke tasowa ne, ba sa hana shi tasowa, don haka riga za ta ci gaba da jiƙewa kamar da. Asid ɗin kuma yana da aikinsa na kashe ƙwayoyin cuta, rage shi na iya ƙara wa jariri gudawa da ciwon ƙirji. Likita na rubuta su ne ga wanda ke da alamun ciwo ƙarara, na ƙayyadadden lokaci kamar mako 4, sannan a tsayar a sake dubawa. Jaririn da muka sallama da tumbuɗi na al'ada kuwa muna rubuta nauyinsa na yau a kati, mu sa ranar awo na gaba, mu sa uwar ta maimaita mana da bakinta alamun da za su dawo da ita kafin ranar: kore, jini, feshi mai ƙaruwa, zazzaɓi, ƙin nono da raguwar fitsari.